Na Tambayi Tsohon Maigidansa Game da Amana, Sai Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum. Ina da shagon sari na kayan masarufi a Zariya, ina neman wanda zai riƙe mini makullin sito da littafin shige da ficen kaya. Wani matashi ya zo, na yaba da hankalinsa, ya ce ya yi shekara uku yana irin wannan aiki a Kano, ya kuma ba ni lambar tsohon maigidansa. Da na kira, Alhajin ya ce yaro ne mai ƙoƙari, ba ya wasa da aiki. Sai na ce, to yaya amanarsa? Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "To, Hajiya, ɗan Adam dai tara yake bai cika goma ba, Allah Ya sa a dace." Tun ranar na kasa yanke shawara. In ɗauke shi ko in haƙura? Idan kuma sake kira ya kamata, me zan tambaya?

Hajiya, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Shawarata ita ce kada ki ɗauke shi yanzu, kada kuma ki sallame shi yanzu, domin abin da ke hannunki bai kai a damƙa wa mutum makulli a kansa ba, bai kuma kai a hana mutum abinci a kansa ba. Shirun da kika ji ya nuna miki wurin da ya kamata ki sake tambaya, amma bai gaya miki abin da ke wurin ba. Sai kin sake kira, kuma kira na biyu ya kamata ya bambanta da na farko ta fuskar lokaci, da yadda za ki buɗe magana, da irin tambayoyin da za ki yi.

Tambayar amana, yadda ake yawan yin ta, tana da nauyi ƙwarai a kan wanda aka yi wa. Idan aka ce wa dattijo ya faɗi amanar wanda ya zauna a ƙarƙashinsa, an nemi ya yanke hukunci a kan mutum gaba ɗayansa da kalma guda, a gaban wadda bai taɓa gani ba, kuma bai san inda maganar za ta ƙare ba. In ya ce mai amana ne, wani abu ya faru gobe, za a ce shi ya tsaya masa. In ya ce ba shi da amana, ya zama sanadin toshe wa ɗan mutane hanyar abinci, wataƙila ma ɗan maƙwabcinsa ne ko ɗan abokin kasuwancinsa, wanda za su ci gaba da haɗuwa da iyayensa a wurin ɗaurin aure da jana'iza. Saboda haka mutane da yawa kan fake da addu'a da karin magana. Wani yana yin haka ne domin akwai abin da yake rufawa, wani kuma domin ɗabi'arsa ce ba ya shaidar zuciyar kowa, ko da ɗansa ne. Daga amsa guda ba za ki iya bambanta waɗannan biyun ba. Abin da zai bambanta su shi ne tambayoyi ƙanana a kan abubuwan da suka faru, waɗanda mutum zai iya amsawa ba tare da ya zama alƙali ba.

Kafin kiran, ki fara da shi matashin. Ki zaunar da shi, ki sa ya faɗa miki da bakinsa watan da ya fara da watan da ya bari, da ainihin abin da yake riƙewa, da mutum nawa ke da makullin sito, da sau nawa ake ƙirga kaya, da albashinsa na ƙarshe, da dalilin barinsa, ke kuma ki rubuta. Ki tambaye shi kai tsaye ko an taɓa samun giɓi a lissafi a zamaninsa, da yadda aka yi da shi. Sannan ki gaya masa za ki sake magana da Alhajin, za ki kuma nemi wani mutum na biyu da ya san aikinsa, ki nemi yardarsa. Wannan adalci ne gare shi, kuma ya dace da dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023, wadda ta buƙaci duk mai tattara bayani a kan mutum ya kasance yana da dalili na halal, ya kuma tsaya ga abin da buƙatar ta ƙunsa. Akwai wani amfanin kuma: wanda yake da abin da yake tsoro yakan fara faɗin nasa ɓangaren da zarar ya ji za a sake kira, kuma abin da ya faɗa a wannan lokaci shi ne ma'aunin da za ki gwada maganar Alhajin da shi.

Ki kuma tabbatar cewa wanda kike magana da shi shi ne wanda aka ce. Lambar da mai neman aiki ya bayar tana iya zama ta gaskiya, tana iya zama ta yayansa ko abokinsa da aka shirya da shi. Ke da kike harkar sari ba za ki rasa wanda kika sani a kasuwar da ya ambata ba, ko Singa ce ko Dawanau, dillali ko direban da ke ɗauko miki kaya ko wani a ƙungiyar 'yan kasuwar layin. Ki nemi a tabbatar miki da sunan shagon da mai shi, a kuma samo miki lambarsa ta wata hanya dabam. Idan kamfani ne mai rajista, ana iya duba sunansa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni. A cikin kiran ma akwai gwaji mai sauƙi, wato kada ki ba shi amsa a cikin tambaya. Kada ki ce, "Ya ce ya riƙe muku sito daga 2021 zuwa 2024, haka ne?" domin kowa zai iya cewa haka ne. Ki ce, "Wane aiki ya yi muku, kuma daga yaushe zuwa yaushe?" Maigida na gaskiya zai iya mance wata, amma zai ɗaura lokacin da wani abu da ya sani, ya ce ya zo bayan sun buɗe sito na biyu, ko ya tafi ana saura kwanaki azumi. Wanda aka shirya da shi yakan kawo shekaru daidai kamar hadda, amma in kika tambaye shi wa ke karɓar kaya idan mota ta iso da dare, sai ya fara kame-kame.

Lokacin kira ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan kasuwa da hantsi yana tsakiyar ciniki, yaran shago na tsaye a kansa, abokan hulɗa na zaune a kan benci suna jin duk abin da yake faɗa, kuma babu mai mutunci da zai ambaci laifin tsohon yaronsa a irin wannan wuri. Mai yiwuwa ne shirun da kika ji na mutumin da ya ɗaga kai ya ga idanu a kansa ne. Ki aika masa saƙo tukuna, ki nemi ya zaɓi lokacin da zai samu minti goma sha biyar shi kaɗai, bayan la'asar ko bayan isha'i, ba ranar Juma'a da rana ba. Idan ya ɗauka, bayan gaisuwa, ki tambaye shi ko yana inda zai iya sakin jiki ya yi magana.

Sannan ki sauke masa nauyin da ya hana shi magana. Ki gaya masa abu uku a taƙaice: irin aikin da za ki ba yaron da yawan dukiyar da za ta ratsa hannunsa, cewa ba shi kaɗai kike tambaya ba don haka ba maganarsa ce za ta yanke hukunci ba, da kuma cewa ba za ki jingina masa wata magana a gaban yaron ba. Idan kin fahimci tsoron giba ne ke damunsa, kina iya tuna masa cikin ladabi cewa malamai sun keɓe nasiha ga mai neman shawara daga giba. Imamun Nawawi ya kawo wannan cikin wurare shida da ya lissafa waɗanda ambaton aibin mutum ya halatta a cikinsu, kuma daga hujjojinsa akwai hadisin Fatima bint Ƙais, wadda ta nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya gaya mata abin da ke tattare da kowannensu. Sharaɗin shi ne a tsaya ga abin da ake buƙata, da niyyar nasiha. Wannan sharaɗi ya hau kanki ke ma, domin ba ki da hurumin tambayar ƙabilarsa, ko zaman aurensa, ko rashin lafiyar da ba ta shafi aikin ba, kuma abin da aka gaya miki amana ne, ba na kai wa 'yan layinku ba.

Ki fara da tambayoyi masu sauƙi, waɗanda babu abin ɓoyewa a cikinsu: yadda yaron ya zo wurinsa, wa ya kawo shi, wane kaya suke sayarwa, ma'aikata nawa ne, shi Alhajin ne ke duba aikinsa kai tsaye ko akwai manaja a tsakani. Amsoshin suna da amfani a karan kansu, musamman ta ƙarshe, domin maigidan da ba ya zama a shago ba zai san abin da manajansa ya sani ba. Amma babban amfaninsu shi ne su nuna miki yadda mutumin yake magana idan hankalinsa a kwance yake. Akwai wanda ko sunan unguwarsu aka tambaye shi sai ya ja numfashi ya ce "to" kafin ya amsa. Shirun irin wannan mutum a kan tambayar kuɗi ba ya nuna komai. Akwai kuma wanda ke amsawa kafin ki rufe baki, yana ƙara labari a kan labari, sai a tambaya guda ya tsaya cak. A wurin wannan ne shiru yake da ma'ana. Abin da za ki saurara shi ne sauyi daga yadda ya saba, ba tsawon shirun kawai ba, kuma ki tuna cewa layin waya ma yakan jinkirta murya.

Daga nan sai ki shiga aikin kansa, ki bi shi yadda kaya ke bi. Wa ke karɓar kaya daga mota ya sa hannu? Wa ke fitarwa, kuma da takardar wa? Makulli nawa ne, a hannun wa da wa suke kwana? Sau nawa ake ƙirga kaya, duk mako ko duk wata ko sai an ga alamar matsala? Shi yaron yana taɓa kuɗi, ko kaya kawai? Bayan ya zayyana miki tsarin, sai ki kawo tambayar da take ita ce zuciyar kiran, ki kuma yi ta a matsayin abin da kowane ɗan kasuwa ya sani: "Alhaji, babu siton da ba a samun giɓi wani lokaci. Wanne ne mafi girma da kuka samu a zamaninsa, kuma yaya aka warware shi?" Wannan ta fi "ya taɓa sata?" nesa ba kusa ba, domin ba ta tilasta masa ya zargi kowa, kuma ta riga ta ba shi izinin cewa an samu. Bayan kin yi ta, ki yi shiru. Kada ki cike masa gurbin da cewa "na san dai ba komai", ko ki yi sauri ki koma wata tambaya don kunya. Ki ƙirga har biyar a zuciyarki. Yawancin abin da ake nema a irin wannan kira yana fitowa ne a jimla ta biyu, bayan mai tambaya ya daure bai katse ba.

A ce ya amsa miki kamar haka: "An taɓa samu. Wata ƙirga da aka yi bayan Babbar Salla, katan goma sha biyu na taliya ba a gan su ba. Da shi da wani yaro ne ke da makulli. Na cire musu a albashi wata uku, magana ta wuce." Wannan amsa ce mai kyau ƙwarai, ko da ba ta da daɗin ji, domin ta ba ki abin da za ki bi. Ki tambaya ko an gano inda kayan suka shiga, ko kuwa raba asarar kawai aka yi. Ki tambaya ko an karɓe makullin daga hannunsa bayan haka, kuma wata nawa ya ƙara yi kafin ya tafi. Idan ya ci gaba da riƙe makulli shekara guda bayan lamarin ba a sake samun giɓi ba, to aikin maigidan ya shaide shi fiye da duk abin da bakinsa zai faɗa, domin ɗan kasuwa ba ya barin makulli a hannun wanda yake zargi. Idan kuwa an mayar da shi wajen lodi a makon, ya kuma tafi bayan wata guda, to kin samu amsarki ko da Alhajin bai furta kalmar zargi ba. Sannan ki duba takardar da kika rubuta tun farko. In matashin ya riga ya gaya miki labarin katan goma sha biyun da bakinsa, wannan babban abu ne a gare shi. In kuwa ya ce ba a taɓa samun giɓi ba, to matsalarki ta tashi daga taliya ta koma kan gaskiyar maganarsa, kuma wannan ya fi nauyi.

Haka za ki bi da maganar tafiyarsa. Ki tambaya shi ya ajiye aiki ko sallamarsa aka yi, ya ba da sanarwa ko wayar gari aka yi ba a gan shi ba, an ƙirga kaya a gabansa kafin ya miƙa makulli ko ba a ƙirga ba, akwai bashi a tsakaninsu ko babu. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi sanarwar mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, amma a kasuwa ba kowa ke bin wannan ba, don haka abin dubawa shi ne ko ya tafi ta ƙofa, da sallama da miƙa lissafi. Tambayar bashi kuma tana da fuska biyu, domin wani lokaci maigidan ne ke riƙe da albashin yaro na watanni, kuma shirunsa na kunyar kansa ne.

Tambayar da nake ganin bai kamata ki ajiye waya ba ki yi ta ba ita ce wannan: "Alhaji, in da zai dawo gobe, za ku sake ba shi makullin sito?" Ki lura, makullin za ki ambata, ba aiki kawai ba. Wanda ya gamsu da yaro yakan amsa da sauri, sau da yawa har da ƙorafin cewa shi bai so tafiyarsa ba. Wanda ya ce zai ɗauke shi amma a wani ɓangaren, ko ya ce ai yanzu sun cike gurbin, ko ya ce ɗansa ne ke riƙe makulli tun daga lokacin, ya amsa wata tambaya ce dabam da wadda kika yi, kuma wannan kaucewa ta fi shiru faɗin magana. Ki maimaita sau ɗaya cikin ladabi, ki ce, "Na fahimta, amma a ce gurbin yana nan fa?" In ya sake kaucewa, kada ki matsa. Ki rubuta cewa an tambaya sau biyu ba a amsa ba.

Akwai wasu alamu da suka cancanci ki saurara da kyau. Ɗaya ita ce yabon da ya koma wani fage: kin tambayi lissafi, an gaya miki ba ya wasa da salla kuma yana girmama manya. Waɗannan halaye ne masu daraja, amma ba su kika tambaya ba, kuma idan aka yi haka sau biyu a kan batu guda, to ana kewaye batun ne. Wata ita ce yabon da aka yi wa shinge, kamar "a iya sanina", ko "a gabana dai ban gani ba", ko "in an sa masa ido zai yi". Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci a gare ki musamman, domin mai riƙe sito ana ɗaukarsa ne saboda lokutan da babu ido a kansa. Sai ki bi ta da tambaya, ki ce wane irin sa ido suka yi masa, kuma me ya sa suka ga buƙatarsa. Akwai kuma sauyi daga bayani filla-filla zuwa magana ta gaba ɗaya, wato mutumin da ya ba ki labarin yadda yaron ya kwana a sito ranar da ruwa ya shiga, da aka zo maganar kuɗi sai ya koma cewa yaran zamani sai haƙuri. A duk waɗannan, hanya mafi kyau ita ce ki faɗi abin da kika ji a fili ba tare da zargi ba: "Alhaji, na ji kamar kun ɗan dakata a nan. Akwai abin da ya kamata in sani kafin in damƙa masa dukiyata?" In har yanzu ya kasa, ki buɗe masa wata ƙofa da ba ta buƙatar ya ambaci laifi, ki ce, "In ƙanwarku ce ni, wane ɓangaren aikin za ku ce kada in bar masa shi kaɗai?" Mutane da yawa da ba za su taɓa cewa yaro ya ci amana ba za su iya cewa kada a haɗa masa kaya da kuɗi.

Sai dai ina so ki riƙe ɗaya ɓangaren da ƙarfi daidai da wannan, domin an zalunci masu gaskiya da yawa ta hanyar fassara shiru. Maigida yana iya jin haushin yaron da ya horar shekara uku ya tafi ya bar shi, sai ya kasa yabonsa da zuciya ɗaya alhali ba shi da laifin da zai ambata. Yana iya kasancewa yana zargi ne kawai ba tare da hujja ba, kuma tsoron Allah ya hana shi faɗa, wanda hakan daidai ne. Idan kamfani ne babba, sau da yawa ofishin ma'aikata ba ya wuce tabbatar da muƙami da ranar farawa da ranar bari, ga kowa da kowa, don gudun ƙarar ɓata suna, kuma wannan ƙa'ida ce ba alama ba; sai ki tambaya ko haka suke yi wa kowa. Ki kuma yi hattara da kishiyar shiru, wato yabon da ba shi da ko ɗigon aibi. Wanda ya ce yaro bai taɓa kuskure ba cikin shekara uku, ko dai bai san aikinsa ba, ko yana neman rabuwa da shi lafiya, ko kuma ba maigidan ba ne. Shi ya sa yake da kyau ki tambayi kowa abu guda da ya sha yi wa yaron gyara a kai. Mai shaidar gaskiya ba ya rasa amsa, ko da makara ce ko saurin fushi da masu lodi.

Saboda waɗannan dalilai, kada ki tsaya ga mutum ɗaya. Kafin ku yi sallama, ki tambayi Alhajin wa kuma ya yi aiki da yaron kullum, manaja ko akawu ko wanda ke ƙirga kaya, ki nemi izinin magana da shi. Wanda mai shaida ya nuna miki yakan fi wanda mai neman aiki ya zaɓa sakin baki, domin ba a shirya shi ba. Ki yi masa tambayoyin nan dai, da kalmomi iri ɗaya, don ki iya gwada amsa da amsa. Ki rubuta abin da kowa ya faɗa da lafazinsa yayin da yake faɗa, ki sa alama a inda aka dakata, amma kada ki naɗi muryar mutum ba da saninsa ba. Idan kuma yaron yana wani aiki a yanzu, kada ki kira wurin sai ya amince, domin kira guda yana iya raba shi da aikin da yake ci da shi alhali ke ba ki ɗauke shi ba.

Bayan wannan sai ki koma wurin matashin. Ba za ki ce masa Alhaji ya ce kaza ba, tunda kin yi alkawari. Ki ce kin yi bincike, kina so ya sake ba ki labarin ƙirgar da aka samu giɓi, ko labarin makonsa na ƙarshe, dalla-dalla. Ki saurari ko labarinsa ya hau kan nasu a lokaci da adadi da sunayen waɗanda ke wurin, ki kuma saurari ko yana ɗaukar nasa kason na kuskure ko kowa ne mai laifi sai shi.

Ga yadda zan auna sakamakon in ni ne a matsayinki. Idan mutum biyu, kowa da kansa, sun dakata a wuri ɗaya, Alhajin ya kauce wa tambayar makulli sau biyu, labarin yaron kuma ya saɓa da nasu, to kada ki ba shi sito, ki gaya masa cikin mutunci cewa ba ki samu natsuwar da wannan gurbi yake buƙata ba, ba tare da kin kira shi da wani suna ko kin yaɗa maganar ba. Idan shirun ya tsaya ga Alhajin shi kaɗai, na biyun ya yi bayani a sake, shekaru da dalilin tafiya kuma suka dace da abin da kika rubuta tun farko, to ki ɗauke shi gwaji na wata uku da sharuɗɗa a rubuce. A wannan lokaci ki raba kaya da kuɗi, wanda ke fitar da kaya kada ya zama shi ke karɓar kuɗinsu. Ku ƙirga sito tare a ranar farko ku sa hannu ku biyu, a riƙa ƙirga kayan da suka fi tafiya duk mako, wani lokaci kuma ba tare da sanarwa ba. Ki nemi wanda zai tsaya masa a rubuce, kuma ki sani cewa mai tsayawa dabam yake da mai shaida: Alhajin ya gaya miki abin da ya gani ne kawai, bai ɗauki nauyin biyan asara ba, don haka kada ki ɗauka kiran waya ya maye gurbin takardar tsayawa. Ki gaya wa yaron tun ranar farko cewa wannan tsari na duk wanda zai riƙe makullin ne, kuma ki tabbata kin bi shi a kan wanda zai zo bayansa ma.